Yadda ƙaramin gida zai rage kuɗin sabulu, man shafawa da man goge baki ba tare da aikinsu ya ragu ba

A gidan mutum uku ko huɗu, kuɗin kayan wanka da shafa ba sa fita a dunƙule, shi ya sa ba a jin zafinsu. Yau a aiki yaro shago ya sayo sabulu, jibi a ce man goge baki ya ƙare, sati ya zagayo a ce kwalbar mai ta yi ƙasa. Da mai gida ya fara ƙorafi kuma, abin da ake fara yi shi ne a koma wa mafi araha a kanti, a nan ne ake yin asara biyu: kayan ba su yi aiki ba, kuma sun fi saurin ƙarewa. Yawancin kuɗin ba a wurin zaɓen kaya suke zubewa ba. Suna zubewa ne a banɗaki, inda sabulu ke kwana cikin ruwa, da kan buroshi, inda ake labta mai ninki uku na abin da baki ke buƙata. Don haka za mu fara toshe waɗannan ramukan, sannan mu zo kan abin da za a saya da wanda za a daina saye.

Mataki na farko: ku san kwana nawa kowane abu yake yi

Ku samo biro ko alƙalamin da rubutunsa ba ya gogewa. Duk abin da aka buɗe sabo, a rubuta ranar a jikinsa. Sabulu kuwa a rubuta a kwalinsa a ajiye kwalin. Ranar da ya ƙare, a shigar da abu uku a bayan littafin cefane: kuɗinsa, nauyinsa kamar yadda aka buga a jiki, da kwanakin da ya yi. Wata guda ya isa. Kada a canza komai a wannan watan, kada ma a gargaɗi yara, domin ana son a ga gidan yadda yake.

Amfanin wannan shi ne ya ba ku ma'auni na gaskiya, wato kuɗin kwana ɗaya. A ce sabulun naira 400 ya yi muku kwana biyar, kun ga kullum kuna wanka da naira 80. Wani na naira 700 ya yi kwana goma sha huɗu, naira 50 ke nan a rana. Mai tsadar shi ne mai arahar. Waɗannan alƙaluman misali ne kawai, farashi yana motsi kusan kowane wata, ku sa naku a gurbinsu.

A shago kuma akwai lissafi na biyu: a raba kuɗi da nauyi. Sabulu mai giram 60 a naira 300, kowane giram naira 5 ne. Mai giram 150 a naira 600, kowane giram naira 4. Ku riƙa duba nauyin ko da kayan da kuka saba saye ne, saboda kamfanoni kan bar farashi yadda yake su rage girman kayan, kwali yana nan yadda aka san shi amma abin da ke ciki ya ƙanƙance.

Mataki na biyu: sabulu

Sabulun dunƙule ruwa ne ajalinsa. Abin da ke tafiya a jikin mutum lokacin wanka bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da wanda ke narkewa tsakanin wanka da wanka. Ku leƙa kwandon wankan gidanku da rana. Idan kuka ɗaga sabulun kuka ga gindinsa ya yi laushi, ya yi fari, yana manne wa yatsa, ga kuma wani ruwa mai kauri a ƙasan robar, to kuɗinku ne kwance a wurin. Mafi muni shi ne al'adar naɗe sabulu a cikin jiƙaƙƙen soso bayan an gama. Soson yana riƙe da ruwa, sabulun yana sha har zuwa wankan yamma.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Sabulu ya samu mazauni mai huji a ƙasa, a ɗora shi inda ruwan wanka ba ya fallatsa masa. Idan babu robar sabulu, a huda murfin wata roba da ƙusa mai zafi wuri biyar ko shida. Wasu kan danna murfin kwalbar lemo a gindin sabulun, ya zama yana tsaye a kan murfin, iska tana ratsa ƙarƙashinsa. Soso kuma a ɗauraye shi, a matse, a rataye a ƙusa shi kaɗai.

Sai yanka. Babban sabulu a raba shi biyu ko uku da wuƙa, a fito da yanki ɗaya, sauran su zauna a ɗaki a bushe. Idan kun sayi da yawa, ku cire su daga ledarsu ku jera su wurin da iska ke shiga na sati biyu zuwa huɗu. Ragowar ruwan da ke cikinsu zai fita, su ƙara tauri, sabulu mai tauri kuwa ya fi jinkirin narkewa. Ƙamshin zai ɗan ragu, amma wankin da yake yi yana nan. A kula da ɓera dai, yana cin sabulu, don haka a sa su a kwando mai rufi ko a cikin durowar kaya.

Wurin wankan ma, a jiƙa soso, a goga masa sabulu sau uku ko huɗu, a ajiye sabulun nan take, a murza soson har kumfa ta tashi. Yaro in an bar shi da sabulu a hannu sai ya yi ta gogawa har ya gaji, saboda haka ƙananan yara a goga musu a soso a ɗauke. Guntayen da suka rage kuma kada a zubar. A jiƙa guntun da sabon, a manna su, a bar su su kwana, da safe sun zama ɗaya.

Idan ruwan gidanku na rijiya ne ko na burtsatse, kuma kun lura sabulu ba ya kumfa sai wani farin dusa-dusa da ke manne wa bokiti, ruwan ne mai nauyi, yana ɗauke da sinadaran ƙasa da ke kashe kumfa. Ƙara goga sabulu ba zai gyara ba. Idan kuna tarar ruwan sama ko kuna samun na famfo jefi-jefi, ku ware shi domin wanke kai da fuska, inda bambancin ya fi fitowa.

Wane sabulu za a saya? Na yau da kullum ya wadatar. Wanda aka rubuta wa cewa yana kashe ƙwayoyin cuta yakan fi tsada, amma a 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa sinadarai 19 a irin waɗannan sabulan na gida, ciki har da triclosan da triclocarban, saboda kamfanonin sun kasa nuna cewa sun fi sabulu da ruwa aiki. Abin da ke fitar da datti da cuta daga hannu shi ne kumfa da cuɗawa na kamar daƙiƙa 20 da ɗauraya. Sai fa in likita ne ya rubuta wani sabulu domin wata larurar fata, wannan daban.

Sabulun salo yana da kyau kuma yana da sauƙin kuɗi, amma yana da hali. Yana jan danshin iska, yana narkewa fiye da na kanti, don haka a gutsuri na kwana biyu ko uku kawai, sauran a ƙulle a leda. A murza shi a hannu ko a soso, kada a goga shi kai tsaye a fuska, domin wani yana da ɓurɓushin toka da ke karce fata. In bayan wanka fata tana ɗaurewa ko tana raɗaɗi, ya yi mata ƙarfi, a rage yawan amfani da shi. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne wanka da sabulun wanki ko garin wanki da sunan tattali. Suna kwashe maiƙon fata tas, jiki ya yi furu-furu, ƙaiƙayi ya biyo baya, abin da aka rage a sabulu a biya shi ninki a man shafawa da kemis.

Mataki na uku: man shafawa

Ku juya kwalbar man da kuke shafawa, irin mai ruwa-ruwan nan, ku karanta jerin abubuwan da aka haɗa. Ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma kusan kullum na farko shi ne Aqua, wato ruwa. Ba laifi ba ne, haka ake yin sa. Amma ruwa kuna da shi kyauta a jikinku duk lokacin da kuka fito wanka. Aikin mai shi ne ya rufe wannan ruwan kada ya tsere, kuma a wannan aikin da wuya a samu abin da ya kai basilin.

Sirrin yana wurin lokaci. A tsane jiki da tawul sama-sama, kada a goge shi ƙaraf, sannan a shafa mai cikin 'yan mintoci, tun fata tana da danshi. A lakato kaɗan, a murza a tafin hannu har ya narke, sannan a bi jiki. A jiƙaƙƙiyar fata, ɗan lakato yana bin hannu guda tun daga kafaɗa. A busasshiyar fata kuwa sai a yi ta ƙarawa, ga maiƙo yana ɓata kaya, bayan awa biyu ƙafa ta sake yin fari. Wanda ya shafa mai bayan ya zauna ya karya kumallo, danshin wankan ya riga ya tsere masa. Da hunturu a ƙara da rage zafin ruwan wanka da tsawonsa, domin ruwa mai zafi sosai yana wanke maiƙon da fata ke yi da kanta.

Babbar kwalba ta fi araha a kan kowane giram, amma tana da tarko: hannu yana buɗewa idan ya ga abu da yawa. A ɗebi na sati guda da busasshen cokali a zuba a ƙaramar roba mai murfi, babbar a ɓoye ta. Wannan kuma yana hana jiƙaƙƙun yatsu shiga cikin babbar.

Man kaɗe ma yana wannan aikin, ga wanda ƙamshinsa bai dame shi ba. Idan za a saya a kasuwa, a shinshina: mai kyau yana da ƙamshin ƙwara da ɗan hayaƙi, wanda ya lalace yana da wari mai tsami kamar na tsohon man suya. A murza kaɗan a bayan hannu, ya kamata ya narke ya shige ba tare da tsakuwa-tsakuwa ba. Don ya yi laushin shafawa, a sa shi a kwano, a ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke, kada a ɗora shi kan wuta kai tsaye. A tace da tsaftataccen ƙyalle, a zuba man kwakwa ko man zaitun kashi ɗaya a kan kashi uku na kaɗen, a juya, a bar shi ya daskare a rufe. Sharaɗi ɗaya ne: kada ɗigon ruwa ya shiga. Mai zalla yana yin watanni, amma da ruwa ya shiga haɗin da babu maganin adanawa a cikinsa, sai ya fara fumfuna. Da kun ga ɗigo-ɗigon baƙi ko kore, ko warin ya canza, ku zubar.

Wannan dokar ta ruwa ta shafi man wanke gashi da sabulun ruwa. Mutane da yawa kan cika kwalbar da ruwa don ta daɗe. Maganin adanawar da kamfani ya sa an auna shi ne daidai da abin da ke ciki, in an tsinka shi ƙwayoyin cuta suna iya hayayyafa a kwalbar. In ana son tsinkawa, a zuba na wanki ɗaya a kofi, a ƙara ruwa, a yi amfani da shi a take.

Basilin da kaɗe suna da iyaka. Da bazara, lokacin da gumi ke tsiyaya, labta su yana iya tayar da ƙurajen zafi, musamman ga yara, sai a taƙaita su ga ƙafa, gwiwa da gwiwar hannu. Mai ƙurajen fuska kuma ya nisanta fuskarsa daga man kwakwa, yana toshe ƙofofin fata. Irin wannan ya sayi ƙaramin mai mara nauyi domin fuska kaɗai, jiki ya sha basilin. Faso kuwa ba ya buƙatar wani mai na musamman: a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma, a goge kaushin da dutse a hankali, a cika tsagar da basilin, a sa safa a kwanta. Mai ciwon suga kada ya kankare ƙafarsa da dutse ko reza, ya nuna wa ma'aikacin lafiya.

Mataki na huɗu: man goge baki

A nan ne lissafi ya fi daɗi. A talla ana cika buroshi daga farko har ƙarshe, har da lanƙwasa. Wannan kimanin giram guda ne ko fiye. Abin da likitocin haƙori ke cewa shi ne yaron da bai kai shekara uku ba a ɗan shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, mai shekara uku zuwa shida kamar ƙwayar wake, wato wajen rubu'in giram. Babba ma ƙwayar wake ko ɗan fiye da haka ya ishe shi.

Mu ɗauki gida mai mutum huɗu: mai gida, uwargida, yarinya 'yar shekara biyar da ƙaninta ɗan shekara biyu. Suna sayen mai giram 140, kowa yana goge baki safe da dare. Idan kowa ya cika buroshi, giram 8 ke tafiya a rana, man zai ƙare a kwana 17 ko 18. Idan manyan biyu suka koma rabin giram kowane goge, giram 2 ke nan a rana. Yarinyar rabin giram a rana, ƙaramin kuma kamar kashi ɗaya cikin biyar na giram. Jimilla bai kai giram 3 ba, man zai kai kusan kwana 50. A shekara, maimakon guda 20 ko 21 sai su sayi 7 ko 8. Dabarar da ke sa hannu ya saba ita ce a matsa man a kan faɗin buroshi, ba a kan tsawonsa ba. Yara kuma babba ne zai matsa musu, don ban da ɓarna, yawan haɗiye man tun haƙoran dindindin suna tsirowa yana iya bar musu fararen tabo.

Abin da ba a taɓawa shi ne fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori ya hana shi ruɓewa. Ku duba bayan kwali. Za ku ga an rubuta wani abu kamar 1450 ppm, kusa da Sodium Fluoride ko Sodium Monofluorophosphate. Daga 1000 zuwa 1500 shi ake nema. Idan mai araha yana da wannan kuma yana da lambar NAFDAC, aikin kare haƙori ɗaya yake yi da mai tsada, bambancin ɗanɗano ne da kwali. Wanda babu wannan rubutun a jikinsa, ko an cika shi da hoton ganye, ku bar shi a kanti. Sannan bayan an goge na minti biyu a tofar da kumfar kawai, kada a kuskure baki da ruwa mai yawa, domin kuskurewar tana wanke abin da aka biya kuɗi dominsa. Da rana aswaki yana share baki sarai, a bar mai ga safe da kuma lokacin kwanciya, na daren ne ma ya fi muhimmanci.

In man ya ƙi fitowa, a yanke gindin robar da almakashi. Abin da ke maƙale a kafaɗarta da wuyanta yakan kai gidan wasu kwanaki. A rufe bakin yankan da abin maƙale shanya don kada ya bushe. Buroshi dai a canza shi duk wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje, domin bajajjen buroshi ba ya shiga tsakanin haƙora.

Mataki na biyar: saye, da wuraren da ba a yin rowa

Yanzu da kuka san abin da gidanku ke ci a wata, sari ya zama da ma'ana. Ƙaramin gida ba ya buƙatar katan, amma gida uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya shiga kasuwar 'yan sari, irin Singa a Kano, ya ɗauko dozin na sabulu da man goge baki a raba. A sa kuɗin mota a cikin lissafi kafin a ce an samu sauƙi. Sabulu da basilin suna jure ajiya. Man goge baki da man ruwa-ruwa kuwa a duba ranar da ke gaban EXP, kada a ɗauki abin da ba za a ƙarar ba kafin lokacin. Wasu kwalaben suna da ɗan hoton gwangwani a buɗe da rubutu kamar 12M, ma'ana wata 12 bayan an buɗe. A kuma nisanta su daga rana da zafin kwano, zafi yana raba man da ruwansa.

Araha ba ta ado, kuma jabu ya yi yawa. Idan wani ya ba ku kaya a rabin farashin da kowa ke sayarwa, ku riƙe shi kusa da wanda kuka saba saye ku kwatanta: rubutun da ya dishe, kuskuren harafi, murfin da bai zauna daidai ba, ranar lalacewa da aka kankare ko aka liƙa wata a kanta. Basilin da ake aunawa daga buɗaɗɗen bokiti, ba suna ba lamba, ni ba zan shafa wa yaro shi ba, musamman idan yana warin kananzir.

Akwai abubuwan da tsawaita su ke jawo asibiti. Reza da askar kilifa ba a yin tarayya a kansu ba tare da tsaftacewa ba, saboda ciwon hanta nau'in B yana bin jini ko da ɗigon da ido ba ya gani ne. Reza kam kowa da tasa. Audugar mata a canza ta duk awa huɗu zuwa shida. Wadda ta koma ƙunzugun wankewa don sauƙi, ta wanke shi da sabulu ta shanya a rana ya bushe ƙayau, ba a bayan ƙofa ko ƙarƙashin katifa ba. Kwalli kuma a guji wanda ba a san asalinsa ba, domin na dutse sau da yawa yana ɗauke da dalma, bai kamata ya shiga idon jariri ba.

Abu guda da za a iya sokewa gaba ɗaya daga littafin cefane shi ne man bilicin da haɗe-haɗen da ake sayarwa a roba babu takarda. A gidaje da yawa shi kaɗai ya fi sabulu da man goge bakin kowa tsada, kuma ba ya ƙarewa, don da an daina fatar ta koma ta fi da duhu. Irin waɗannan sukan ƙunshi hydroquinone, ko mercury, ko magungunan kumburi masu ƙarfi irin clobetasol. Alamominsu a jiki su ne fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, nankarwa mai faɗi a hannu da cinya, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, ciwo ya daɗe bai warke ba. Wadda ta daɗe tana shafa mai ɗauke da irin clobetasol kada ta yanke rana ɗaya, domin fatar takan yi bore da ja da raɗaɗi da ƙuraje. Ta ɗauki robar ko kwalin ta je wurin likitan fata, ya tsara mata yadda za ta riƙa ragewa sannu a hankali.